Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen zana fonksiyon da aka ɗauko a hoto

Duk shekara idan jarabawar bak ta matso, ƴan tarminal da nake yi wa darasin dare a nan Maradi sukan cika mini waya da hotunan allo. Wani ya ɗauko daga bencin baya, hasken taga ya cinye rabin alli, an tura wa wannan, wannan ya tura wa wancan. Na gaji da gyara abu ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Da wannan misalin za mu yi aiki:

f(x) = (x² − x − 2) / (x² − 4)

Ɓarna ta fari daga hoton take farawa. Alamar ragi ƴar siririya ce, ƙurar alli kaɗan ta isa ta mayar da ita alamar tari. Wata ɗaliba ta kwafi x² + 4 a ƙasa. To x² + 4 ba ya taɓa zama sifiri, sai ta zana layi sumul babu asimtot ta tsaye ko ɗaya, ga aikin tsaf, amma na wata fonksiyo daban. Ni al'adata, ba na taɓa lissafi daga fuskar waya. Nakan buɗe hoton sosai, in kwafe shi a takarda, in sa baka ga na sama da na ƙasa, in akwai shakka in tambayi wanda ya zauna gaba.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta biyu, don ni ma ta taɓa kayar da ni. Ina tarminal, a jarabawar gwaji, na ga na ƙasa yana zama sifiri a wuri biyu, nan take na sa rula na ja asimtot biyu ina murna. Takarda ta dawo da jan biki tun daga sama har ƙasa, kusan duk makin tambayar ya tafi, don kowane mataki na baya a kan wannan kuskuren na ɗora shi. Ku saurara da kyau: ba duk inda na ƙasa ya zama sifiri ne ake samun asimtot ba! Ku warware sama da ƙasa tukuna. Na sama shi ne (x − 2)(x + 1), na ƙasa kuma (x − 2)(x + 2). Kun ga (x − 2) yana ɓangare biyu, ya tafi, saura (x + 1)/(x + 2). Ke nan asimtot ta tsaye ɗaya ce tak, x = −2. A x = 2 kuwa rami ne kawai: layin yana zuwa har bakin wurin, ya tsallake ɗigo ɗaya, ya ci gaba. Tsayin ramin, a sa 2 a cikin abin da ya saura, a samu 3/4. Sai a yi ɗan da'ira mara ciko a (2 ; 3/4). Wanda bai yarda ba ya gwada 1,99 a kalkuleta, zai ga amsa tana lafe kusa da 0,75, ba ta tashi sama ba. Kuma don Allah kada murnar gogewa ta sa ku manta cewa 2 har yanzu haramtacce ne, ku rubuta x ≠ 2.

Ramin nan yana da wani tarko. Na sama na asali yana zama sifiri a 2 da −1, sai yaro ya ɗiga mahaɗa biyu a kan layin x. Ɗaya ce, (−1 ; 0). Ta layin y kuwa f(0) = 1/2, wato (0 ; 1/2). Ku rubuta lambobin a jikin zanen, mai gyara ba zai yi muku duba ba.

Sannan masu zana reshe biyu duk su nufi sama, don haka suka saba gani. Haba! Gwajin lamba biyu minti nawa zai ci? A −2,1 amsa 11 ce, reshen hagu ya hau. A −1,9 amsa −9 ce, na dama daga can ƙasa yake tasowa, ya ratsa (−1 ; 0), ya ratsa (0 ; 1/2), ya tsallake ramin, ya bi ƙarƙashin asimtot ta kwance, y = 1.

Ita y = 1 ɗin ta fito ne don x² ke jagora sama da ƙasa, kowanne da 1 a gabansa. Akwai masu rantsuwa cewa layi ba ya taɓa ƙetare asimtot. Ta tsaye ce ba a ƙetarewa. Ta kwance ana iya ratsa ta, kuma gane hakan da sauƙi: a warware f(x) = 1. A tamu ana samun x + 1 = x + 2, ba mafita, ba ratsawa. Amma a waccan ta ɗalibar mai x² + 4, layin yana ratsa y = 1 daidai a x = −6.

Asimtot da fensir ake ja, a tsittsinke, kafin a zana layin kansa. Kuma ku bar tazara iri ɗaya tsakanin lambobi, in ba haka ba 3/4 zai hau kan 1, ramin ya ɓace a cikin asimtot.