Darasi na Tara: Me Ya Sa Waƙoƙin da Ka Sauke Suke Daina Yi Bayan Makonni?

Mutum zai sauke waƙoƙi cikin wayarsa, ya yi ta saurare ba tare da data ba, mako ɗaya, biyu, uku. Wata rana ya taɓa waƙa ta ƙi tashi. Sunayen waƙoƙin suna nan amma sun yi fari-fari kamar an shafe su da toka, wani lokaci ma a tarar babu su gaba ɗaya. Da yawa sai su ɗora laifin a kan memori, ko su ce waya ta kamu da cuta, har su kai wa mai gyara. Mafi yawan lokuta wayar lafiyarta ƙalau. Wa'adi ne ya cika.

Waƙa iri biyu ce a cikin waya

Akwai waƙar da mai turi ya zuba maka a memori, ko wadda aboki ya tura maka ta Xender ko Bluetooth. Irin wannan fayil ne sake, galibi sunansa yana ƙarewa da `.mp3`. Kowace manhajar sauraro za ta buɗe shi, za ka iya cire memorin ka sa a rediyon mota, kuma ko shekara goma ta yi babu abin da zai hana ta yi, sai dai in memorin ya lalace ko an goge.

Akwai kuma wadda ka sauke daga cikin manhaja irin su Spotify, YouTube Music ko Apple Music bayan ka biya kuɗin wata. Ita ma tana cikin wayar, tana cin wuri, amma a kulle take. Manhajar da ta sauke ta ce kaɗai ke da makullin. Shi ya sa ko ka laluba cikin ma'ajiyar waya ba za ka ga sunanta a fili ba, in ma ka gano fayil ɗin ka tura wa wani, ba zai buɗe a wajensa ba. Ba sayen waƙar ka yi ba, haya ka karɓa, kamar mai hayar shago a kasuwa: kayan a hannunsa suke, amma duk wata sai ya ga mai shago.

Makullin nan yana da ranar ƙarewa. Duk lokacin da manhajar ta samu intanet ta gaisa da kamfaninta, sai a sabunta shi, lissafi ya koma farko. A Spotify wa'adin kwana 30 ne, haka ma a YouTube Music. Sauran manhajoji kowace da ƙa'idarta, ana samunta a shafin taimako na cikin manhajar.

Dalilai biyu ne suka sa kamfanoni suke yin haka. Na farko, suna so su tabbatar har yanzu kana biya. In ba haka ba, mutum zai biya wata ɗaya, ya sauke waƙa dubu, ya kashe data har abada. Na biyu, manhajar tana ƙirga sau nawa ka saurari kowace waƙa lokacin da ba ka da data, kuma da wannan ƙirgen ake raba wa mawaƙa da masu haƙƙin waƙa kuɗinsu. Sai ta hau intanet take iya miƙa lissafin.

Daga yaushe ake fara ƙirga?

A nan mutane suka fi ruɗewa. Ba daga ranar da ka sauke waƙa ake ƙirgawa ba, kuma ba daga ranar da ka biya kuɗin wata ba. Ana ƙirgawa ne daga rana ta ƙarshe da manhajar kanta ta hau intanet.

Mu ɗauki misalin manomin da ke zaune a cikin garin Daura, gonarsa kuma tana wani ƙauye wajen Baure inda sabis ke wahala. Ya sauke waƙoƙi 300 a Spotify ranar 2 ga Yuni. Ranar 5 ga Yuni ya sake buɗe manhajar da data kafin ya kama hanya. Wa'adinsa zai cika ne wajen 5 ga Yuli. Ranar 20 ga Yuni ya shigo gari sayen taki, ya sa datar WhatsApp, ya yi hira da 'yan'uwa, ya koma gona yana ganin ai ya hau intanet. Ranar 6 ga Yuli ya jingina waya a gindin bishiya zai fara noma na biyu, waƙa ta ƙi yi.

Kuskurensa biyu. Datar da ya saya ta WhatsApp da Facebook ce kawai, irin wannan ba ta buɗe wa manhajar waƙa hanya. Sannan ko da cikakkiyar data ce, bai buɗe manhajar ba, wayoyi da yawa kuwa suna hana manhajar da ke rufe taɓa intanet don tanadin batir da data.

Yanzu duba asarar. Waƙa mai minti huɗu a matsakaicin ingancin sauti, wanda Spotify ke kira `Normal`, tana cin kusan megabayit 3. A `High` ta kusa 5, a `Very high` ta kusa 10. In a `High` ya sauke, waƙoƙinsa 300 sun kai kusan gigabayit ɗaya da rabi, kuma in sun goge sai ya sake sayen datar da ta kai haka. Alhali da ya buɗe manhajar ranar da ya zo sayen taki, abin da zai kashe bai fi na waƙa ɗaya ko biyu ba, wa'adinsa kuma da ya matsa zuwa wajen 20 ga Yuli.

Abin da ba ya ɓacewa shi ne jerin sunayen waƙoƙin da ka tara. Wannan yana ajiye a asusunka a wajen kamfani, ba sai ka sake neman su ɗaya bayan ɗaya ba.

Yadda ake sabunta wa'adi

Ka sa cikakkiyar data, ko ka jona da intanet ɗin wani. Ka buɗe manhajar, in Spotify ce ka shiga `Settings`, ka nemi wurin da aka rubuta `Offline mode`. In a kunne yake, ka kashe shi. Wannan maɓallin ya cuci mutane da yawa: suna kunna shi don kada manhaja ta sha musu data, sai su manta. Muddin yana kunne, ko datarka ta kai gigabayit goma manhajar za ta zauna kamar babu intanet, kwanaki kuma suna tafiya.

Bayan ka kashe shi, kada ka gamsu da ganin alamar sabis a saman waya. A wajen gari sau da yawa sandunan sabis suna cika amma data ba ta motsi. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka nemi wata waƙa da ba ka taɓa saukewa ba, ka kunna ta. In ta yi, manhajar ta isa ga kamfaninta. Ka bar ta a buɗe minti biyu ko uku, sannan ka duba waƙoƙinka. A Spotify waɗanda ke cikin waya suna ɗauke da 'yar kibiya koriya mai kallon ƙasa. Daga nan kana iya mayar da `Offline mode` ka kashe data.

Kada ka jira kwana na 29. Ranar da ka tsara za ka iya tarar da sabis ya ɗauke ko batir ya mutu. Ya fi sauƙi ka haɗa abin da wata al'ada da ba ka fashi, misali duk Juma'ar da ka shigo gari, ko ranar kasuwarku. Sau ɗaya a mako biyu ya wadatar, kuma ya bar maka sarari in wani abu ya gitta.

In ka makara waƙoƙin suka goge, ka yi hattara wajen roƙon ɗan'uwa ya buɗe maka `Hotspot`. Wayarka tana iya ɗaukarsa a matsayin intanet na gida, ta fara sake sauke waƙoƙin duka a take, datar bawan Allah ta ƙare yana tsaye. Ka gaya masa gaskiyar nauyin abin tukuna, ko ka rage ingancin zuwa `Normal`.

In ba wa'adi ba ne fa?

Wani lokaci ka hau intanet jiya-jiya amma waƙoƙin sun tsaya. Abu na farko da za a duba shi ne kuɗin wata. In ranar biya ta zo kamfani ya nemi cira a katinka babu kuɗi, asusunka zai koma na kyauta, na kyauta kuwa a Spotify ba ya sauraron waƙa ba tare da data ba. Za ka gane haka in talla ta fara shigowa tsakanin waƙoƙi.

Na biyu shi ne hannun mutum. Yaro ya ga waya ta cika ya danna `Clear data` a kan manhajar, ko mai gyara ya cire ta ya sake sakawa: duk waɗannan suna share abin da aka sauke nan take. Fita daga asusu da `Log out` ma yana iya jawo haka. In kuma a memori manhajar ke ajiye waƙoƙin, cire memorin ko lalacewarsa zai sa su ɓace, kuma saka shi a wata waya ba zai sa su yi ba, tunda makullin bai bi shi ba. Akwai kuma iyakar na'urori. Spotify tana yarda a sauke a na'ura biyar kacal a asusu ɗaya. In 'yan gida suna raba asusu aka sauke a ta shida, wadda ta fi daɗewa ba a yi amfani da ita ba ita ke rasa nata.

Wasu suna mayar da kwanan watan waya baya don su yaudari manhajar. Ba mu ba da wannan shawarar ba. Kwanan wata na ƙarya yana hana waya buɗe shafuka da yawa, WhatsApp ma yakan tsaya ya ce a gyara agogo. Ka bar agogon waya yana saita kansa.

In kuma waƙa ɗaya ce tak ta yi fari sauran suna yi, to galibi mai ita ne ya janye ta daga manhajar, ko yarjejeniyarsa da kamfani ta ƙare. Wannan babu abin da za ka taɓa a waya ya dawo da ita.

Wanda zai wuce wata ɗaya babu sabis

Mutanen Katsina sun ga wannan da idonsu. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya, Batsari da Faskari, abin kuma ya ɗauki watanni. A irin wannan hali babu dabarar da za ta tsawaita makulli, sai dai mutum ya yi tafiya zuwa inda ake samun sabis. Don haka wanda aikinsa na daji ne, makiyayi ko mai zaman gona duk damina, kada ya dogara da waƙar haya kaɗai. Abin da ba ya so ya rasa, waƙa ce ko karatu ko wa'azi, ya neme shi a matsayin `.mp3` daga inda mai shi ya sayar ko ya saki da yardarsa, ya zuba a memori, ya kuma ajiye kwafi na biyu a wata waya a gida. Hanyar tantancewa mai sauƙi ce: ka buɗe manhajar fayiloli ta wayarka, ka shiga `Audio`. Abin da ka gani a can da sunansa, ka taɓa ya yi, ba shi da wa'adi. Abin da sai cikin manhajar kamfani kake ganinsa, yana da shi.

Aikin aji

Wata mata a Katsina ta buɗe manhajarta da cikakkiyar data ranar 10 ga Maris. Ranar 25 ga Maris ta sake kunna data ta buɗe manhajar, amma `Offline mode` yana kunne, ba ta kuma kashe shi ba. Wa'adin manhajar kwana 30 ne, watan Maris kuma kwana 31 ne. Ku lissafa ranar da waƙoƙinta za su tsaya, sannan kowa ya ɗauko wayarsa ya nuna wa na kusa da shi inda maɓallin yake.