Ladan saurin aiki: inda masu shago ke ƙona kansu

A watan nan kaɗai, yara uku masu shagon ɗinki a Agege sun kawo min littafin lissafinsu, kuma kuskurensu ɗaya ne. Duk sun ji labarin tsarin Halsey, wanda wani injiniyan Amurka ya fito da shi a 1891: ka yanka wa aiki lokaci, in ma'aikaci ya gama da wuri ku raba kuɗin lokacin da ya rage, yawanci rabi da rabi.

A ce rigunan makaranta 20, an yanka musu awa 10, kowace awa naira 500. Tela ya gama a awa 8. Kuɗin awannin da ya zauna kan keke 4,000 ne. Ya rage awa 2, wato 1,000, rabinsa 500. Hakkinsa 4,500, kowace riga ta tsaya maka 225 maimakon 250.

To me yaran nan suke yi? Sai su biya kuɗin awa 10 cif, su ɗora 500 a kai. Haba! Ka biya awa biyun da ba a yi ba, ka kuma ba da lada a kansu, riga ta koma 275. Ni ma na yi wannan wautar wani lokacin komawa makaranta. Teloli shida, keke na ta ƙara har dare, ina ta murna, sai da na zo sayen yadi a kasuwar Balogun na ga aljihu wayam. Tun ranar, in kuɗin riga ɗaya ya haura na ranar da ba a yi sauri ba, na san lissafin ya karkace.

Kuskure na biyu shi ne yanka lokaci da ka. Wani babban tela ya taɓa ce min, "Maigida, wannan ai sai awa goma," ashe a huɗu yake gamawa. A Halsey ya tashi da 3,500, kowace awa 875. Shi ya sa sabon aikin da ban auna da agogo ba nake sa shi a tsarin Rowan na Glasgow. A nan ana raba lokacin da aka rage da wanda aka yanka, a ninka da kuɗin awannin da aka yi, abin da ya fito shi ne ladan. Mai awa huɗu ya sami 2,000 da ladan 1,200. Amma a sani, mai awa 8 ladansa 800 ne, ya fi na Halsey. Sai an rage fiye da rabin lokaci Rowan ke yi maka sauƙi.

A wajen lissafi, awa bakwai da rabi 7.5 ce, ba 7.30 ba. Lokacin da aka ɗauke wuta ni cire shi nake yi, ba laifin tela ba ne. Rigar da aka dawo da ita saboda karkataccen wuya kuwa, ba na ƙirga ta wajen rabawa sai an gyara.