Malaman firamare, ga dabarar gwajin ƙasa ba da tsada ba

In za ku koya wa ɗalibai wace ƙasa ta fi riƙe ruwa, kada ku sayi kayan gwaji. Gorar roba uku ta ishe ku.

Yanke kowace gida biyu, ku ɗaure tsumma a bakinta, ku kifa saman cikin gindin.

Ku zuba yashi a ɗaya, laka a ɗaya, ƙasar lambu a ɗaya, kowace rabin kofi. Amma fa ku shanya su tukuna, ku daka lakar. Ƙasa mai danshi ta riga ta sha ruwa, lissafi zai ruɗe.

Kafin a zuba, yara su rubuta hasashensu. Sai ruwa mililita 100 a kowace, a jira minti 15.

A auna abin da ya tsiyaye da sirinji marar allura. In yashi ya saki 70, ya riƙe 30 ke nan.

Matsalar tana wajen laka. Ruwa kan kwanta a samanta bai shige ba, yara su ɗauka ta shanye shi. In kun ga haka, ku bar gorar ta kwana a rufe, a auna da safe.