Yadda Ake Gane Ko Tallan da ke Buɗe Hira a WhatsApp Yana Kawo Ciniki

Mai sayar da kaya a Bauchi da ya taɓa biyan kuɗin talla a Facebook ko Instagram ya san yadda wayarsa ke cika da sallama a ranar farko. Wannan nau'in tallan yana ɗauke da maɓalli, wanda idan mutum ya taɓa shi sai hira ta buɗe kai tsaye tsakaninsa da mai kayan a WhatsApp ko Messenger ko saƙon Instagram, ba tare da an bi ta wani shafin intanet ba. Ya dace da yadda muke ciniki, domin mutanenmu ba su cika sayen abu ba sai sun tambaya, sun taya, sun kuma ji muryar mai kaya. Sai dai kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, yana ganin lokacin da hirar ta fara, amma ba ya ganin lokacin da kuɗi suka shiga asusunka na banki. Lissafin cinikin yana wuyanka, kuma tun kafin tallan ya fita ake shirya shi.

Matakin farko shi ne ka koma manhajar WhatsApp Business da lambar da ka keɓe wa sana'a, sannan ka haɗa lambar da shafin kasuwancinka na Facebook ta cikin saitin shafin, inda za a turo maka lambobin tabbatarwa. Bayan haka ka buɗe Ads Manager, wato wurin da ake tsara tallan Meta, ka zaɓi manufar Engagement, ka nuna cewa saƙo kake so, ka zaɓi WhatsApp shi kaɗai. Ana iya haɗa wurare uku a talla guda, amma ga mai koyon lissafi hakan yana warwatsa hirarrakin har ya kasa bin sawunsu. Wajen zaɓen yanki kuma ka tsaya inda kayanka za su iya isa cikin sauƙi. Idan cikin garin Bauchi kake kai kaya, sannan kana sa wa direba saƙo zuwa Azare da Misau, to waɗannan garuruwan za ka zaɓa, domin hira da mutumin da kuɗin kai masa kaya ya kusa kai farashin kayan ɓata lokaci ne da ka biya da kuɗinka.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali duk lissafin a kansa ya dogara. A wajen tsara tallan akwai gurbin rubuta saƙon da zai bayyana a wayar mai saye a shirye, ya danna ya turo kawai. Kada ka bar jimlar Turanci da manhajar ta zo da ita. Rubuta taka da Hausa, kuma ka ba kowane talla tasa alamar daban:

```
Salamu alaikum, ina son zanin gadon da na gani. B2
```

Idan tallace-tallace biyu kake gudanarwa, ɗaya ya zama B1, ɗayan B2. WhatsApp yakan nuna ɗan hoton tallan a saman hirar da ta fito daga gare shi, amma idan hotunan sun yi kama da juna ba za ka bambance su ba bayan mako biyu, ita kuwa alamar da ke cikin rubutu ana iya nemo ta da gurbin bincike a ga duk hirarrakin da ke ɗauke da ita. Wasu masu saye za su goge jimlar su rubuta tasu, kuma ba za ka iya hana su ba. Irin waɗannan sai ka duba hoton da ke saman hirar tun a ranar, ka rubuta daga inda suka fito.

Daga nan sai lakabi. WhatsApp Business yana ba da damar manna wa kowace hira lakabi mai launi, wanda ake kira Labels, a wasu sababbin zubin manhajar kuma Lists. Huɗu sun isa: sabuwar hira, ya ji farashi, ana jiran kuɗi, ya biya. Ƙa'idar da ba a sassautawa ita ce, ba a manna lakabin ƙarshe sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka. Hoton rasit da aka turo ba shaida ba ne, tunda ana ƙirƙirar na bogi, haka nan wanda ya ce a ajiye masa zai turo da yamma in sha Allahu yana nan a rukunin masu jira har sai ya turo.

Lakabi yana taimakawa wajen aikin yau da kullum, amma lissafi yana bukatar littafi, ko na takarda ko jadawali a waya. Duk wanda ya biya a ba shi layi guda: ranar da ya fara magana, alamar tallan, lambobi huɗu na ƙarshen wayarsa, ranar da ya biya, abin da ya biya, da ribar da ta rage bayan an cire kuɗin sarin kayan da leda da kuɗin ɗan aike. Ranar fara magana ita ake ɗora cinikin a kanta, saboda ma'aikaciyar da ta tambayi farashi ranar 18 ga wata tana iya jiran albashi ta biya ranar 29, kuma tallan da ya kawo ta shi ya cancanci cinikin ko da an riga an kashe shi. Don haka kada ka yanke hukunci a ranar da talla ya ƙare. Ka jira mako biyu tukuna.

Mu ɗauki misalin da aka tsara don a ga yadda lissafin ke tafiya. Wata mai sayar da zannuwan gado a kusa da kasuwar Wunti tana sayar da kowane ɗaya naira 18,000, ribarta bayan duk ɗawainiya naira 5,000. Ta saki tallace-tallace biyu na kwana bakwai, kowanne naira 3,000 a rana, wato 21,000 ke nan. A na farko, B1, ta sa bidiyon zanin ta ce a turo saƙo a ji farashi. A na biyu, B2, ta rubuta farashin ƙarara a jikin hoton. Da mako ya cika, Ads Manager ya nuna mata a ƙarƙashin Messaging conversations started, wato yawan hirarrakin da aka fara, cewa B1 ya kawo hira 140, kowace a kan naira 150, B2 kuma hira 60, kowace a kan naira 350. Duk wanda ya tsaya a wannan allon zai ce B1 ya fi, ya kashe B2.

Littafinta ya faɗi wani abu daban. Cikin mutum 140 na B1, biyar ne suka biya, sauran sun ji farashi sun yi shiru, wasu ma sallama kawai suka yi. Cikin 60 na B2, tara sun biya, domin wanda ya taɓa maɓallin ya riga ya ga 18,000 bai tsorata ba. Kafin ta raba, sai ta ƙara harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kuɗin talla a Nijeriya, wanda ba ya cikin adadin da allon sakamako ke nunawa, sai a rasit ɗin biyan kuɗi. Kowane talla ya ci naira 22,575 ke nan. A B1, kowane ciniki ya tsaya mata a kan naira 4,515, daga ribar 5,000, abin da ya rage mata a makon gaba ɗaya 2,425, ga kuma wahalar amsa wa mutum 140. A B2, kowane ciniki ya tsaya a kan kusan naira 2,508, kuma bayan ta cire kuɗin talla daga ribar 45,000 ta tashi da 22,425.

Abin da ake kwatantawa ke nan: kuɗin talla da harajinsa a raba da yawan waɗanda suka biya, sannan a ajiye amsar kusa da ribar kaya ɗaya. Ka lura, da riba ake gwadawa. Wanda ya gwada da jimillar kuɗin da suka shigo zai ga B1 ya kawo 90,000 a kan 22,575, ya ɗauka ya yi kasuwa, alhali yawancin kuɗin na dila ne. Dalilin da ya sa B1 ya tara hira mai arha kuwa a fili yake: an ce wa na'urar Meta ta nemo masu fara hira, ita kuma ta nemo waɗanda suka fi saurin taɓa maɓalli, ba ta san wanda ke da kuɗi a hannu ba. A ganina, ga kayan da farashinsa ya wuce na sayen marmari, sa farashi a jikin talla ya fi alheri, ko da yake 'yan kasuwa da yawa suna ƙin haka don kada abokan hamayya su gani, kamar dai ba za su iya aiko yaro ya tambaya ba. Duk da haka, biyar da tara adadi ne ƙanana, mutum biyu kawai za su iya sauya hoton, don haka a maimaita gwajin wani makon kafin a zuba kuɗi masu yawa.

Akwai wuraren da lissafin ke yoyo, kuma gara ka san su. Mace za ta yi ciniki a hira, amma kuɗin su shigo da sunan mijinta ko daga mai POS na unguwarsu, don haka ka riƙa neman ta sanar da kai sunan da za a gani kafin ta tura. Wata za ta ga tallan, ta ba ƙanwarta lambarka, ƙanwar ta yi magana ba tare da wata alama ba. Wani kuma ba zai rubuta komai ba, zai kira ka ne ko ya zo shago. Ga waɗannan tambaya ɗaya ta wadatar, a ina kuka ga kayanmu, sai a rubuta su a rukuni na dabam, kada a cusa su cikin B1 ko B2 da ka. Tsohon abokin ciniki da ya bi ta talla shi ma a sa masa alama, tunda mai yiwuwa da zai saya ko babu tallan, kuma Meta na iya ƙirga shi a matsayin sabuwar hira idan kun kwana bakwai ba ku yi magana ba. Kayan da aka dawo da shi a soke layinsa.

Idan adadin hira a Ads Manager ya yi kusa da abin da ka ƙirga a wayarka amma ciniki ya yi ƙasa, kafin ka zargi tallan ka duba tsawon lokacin da kake ɗauka kafin ka amsa. Wanda ya yi sallama da ƙarfe tara na dare aka amsa masa da hantsi ya riga ya tambayi wani. Ka duba hirarraki ashirin da suka mutu, ka ga a wace gaɓa suka tsaya: idan bayan jin farashi ne, matsalar tana ga waɗanda tallan ke kawowa, idan bayan jin kuɗin kai kaya ne, yankin da ka zaɓa ya yi faɗi.

Manyan kamfanoni masu amfani da WhatsApp Business Platform suna da hanyar mayar wa Meta labarin ciniki ta Conversions API, inda kowace hira daga talla ke zuwa da wata lamba mai suna `ctwa_clid`, idan an biya sai a tura ta tare da adadin kuɗin, na'urar ta koyi neman masu saye. Wannan yana bukatar mai rubuta manhaja ko kamfanin da ake biya duk wata, kuma na'urar tana bukatar sakamako kusan hamsin a mako kafin ta daidaita. Mai zannuwan gadon da ke ciniki tara a mako ba ta kai nan ba tukuna. Abin da ke gabanta shi ne ta kashe B1, ta bar B2 yana tafiya, ta fito da B3 mai farashi iri ɗaya da sabon hoto, ta buɗe masa sabon shafi a littafinta.