Darasi: Fayil ɗin ZIP Da Ya Ƙi Buɗuwa Bayan Saukewa

ZIP fayil ne guda da ake matse fayiloli da yawa a cikinsa domin sauƙin aikawa. Wani lokaci mutum ya sauke shi daga intanet, ya zo buɗewa, sai manhaja ta ƙi. A cikin manhajojin buɗe ZIP, WinRAR kan rubuta "Unexpected end of archive", 7-Zip kuma "Unexpected end of data". Abin da duka biyun ke faɗa shi ne fayil ya ƙare tun ba a kai inda ya kamata ya ƙare ba.

Dalilin yana cikin yadda aka tsara ZIP. Jerin sunayen abubuwan da ke ciki, da girman kowanne, da wurin da ya fara, a can ƙarshen fayil ake ajiye shi, kamar littafin da aka sa jerin babinsa a shafin ƙarshe. Manhaja ƙarshen take fara dubawa. Saukewa kuwa daga farko take somawa, saboda haka in sabis ya yanke, ko data ta ƙare, ko wuri ya cika a waya, ƙarshen nan ne ba ya isowa. Ko kaɗan ne ya rage, jerin ya tafi da shi.

A ce Malama Ladi ta sauke takardun karatu. Inda ta samo su an rubuta 250 MB. Ta danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ta zaɓi "Properties", sai ta ga 180 MB. Saura wajen 70 ke nan ba su iso ba. Da 238 MB ta gani, da ba laifi, domin Windows na ƙirga megabait ɗaya a kan bait 1,048,576, wasu kuma a kan 1,000,000 cif. A kula da wannan sosai, kada a goge lafiyayyen fayil.

Sunan fayil ma yana nuna alama. In ya ƙare da .crdownload a Chrome, ko .part a Firefox, ba a gama ba tukuna. Sauya masa suna zuwa .zip ba ya ƙara masa komai. Malama Ladi za ta buɗe "Downloads" a cikin Chrome ko Firefox ɗin da ta yi saukewa da shi ta danna "Resume". In ya ƙi ci gaba, sai ta goge guntun, ta tabbatar akwai wuri da isasshiyar data, ta sake saukewa inda sabis ke da ƙarfi.

Manhajar gyara na iya ceto fayilolin farko da suka iso cikakku, amma ba ta iya dawo da abin da bai zo ba. In an sake saukewa, girma ya yi daidai, kuma saƙon bai sauya ba, to mai yiwuwa tun wajen wanda ya ɗora shi ya gutsure. Shi za a nema ya sake ɗorawa.

Aiki: An rubuta 500 MB, a kwamfutarka ka ga 310 MB. Me ya faru, kuma me za ka fara yi?