Kafin ka sayi sunan shafin kasuwancinka, gwada shi a waya

'Yan uwa masu sana'a, adireshin shafin intanet na yau da kullum ba ya ɗaukar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Haruffa a zuwa z ne kawai, sai lambobi da karan ɗori. A nan sunayenmu na Hausa suke tuntuɓe.

A ce Hajiya tana sayar da kayan ƙamshi, ta sa wa shagonta "Ƙamshin Ɗaki". A adireshi zai koma `kamshindaki.com`. Wannan da sauƙi, domin mutanenmu sun saba rubutu babu lanƙwasa. Amma mai sayar da kayan ƙawa fa? Ba lanƙwasa, ƙawa ta zama kawa, kuma wani zai ɗauka kawu ake nufi idan an faɗa da sauri. Sai baƙi mai ninki: "Sassauƙa" wani zai rubuta s ɗaya a tsakiya, ya faɗa shafin da babu shi.

Ni abin da nake yi, in kira mutum uku a waya, in faɗi sunan sau ɗaya, in ce su turo min yadda suka rubuta. Idan biyu sun saɓa, na watsar da sunan.

Ku guji lamba. Idan ka ce "Shago 2", ba a san 2 za a buga ko biyu ba. Karan ɗori ma mantawa ake yi.

Idan `.com` ya riga ya tafi, duba `.com.ng` ko `.ng`, waɗanda NiRA, ƙungiyar rajistar adireshin intanet ta Najeriya, ke kula da su. Ka tabbata da sunanka aka yi rajistar, ba na yaron da ya haɗa maka shafin ba, don duk shekara ake sabuntawa.