Yadda Ake Buɗe Wa Kyamarar Gida Ƙofa a Rauta, da Waɗanda Ke Biyo Ka Ta Ƙofar

Ka kafa kyamara a gida, kana ganin hotonta tar a waya muddin kana kan wayifai na gidan. Da ka fita ka koma kan data, sai hoto ya ɗauke. Kyamarar lafiyarta ƙalau, rauta ce, na'urar da ke raba wayifai a gidan, ta tsare hanya. Gidan gaba ɗaya adireshi ɗaya yake da shi a intanet, kuma rauta ce ke riƙe da shi. Na'urorin ciki kuwa adireshin cikin gida take raba musu, irin su `192.168.1.50`, wanda ba a ganinsa daga waje. Idan saƙo ya zo daga waje ba wanda ya nema daga ciki, rauta ba ta san wa za ta miƙa wa ba, sai ta watsar. Abin da ake kira `Port Forwarding` umarni ne kake ba ta: duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba kaza, a wuce da shi wurin kyamara.

Kafin ka taɓa komai, duba ko aikin zai yiwu a layinka. Buɗe burauza ka rubuta adireshin rautar, galibi `192.168.1.1` ko `192.168.0.1`, ka shiga, ka nemo inda aka rubuta `WAN IP`. Sannan ka shiga ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet, ka gwada su biyun. In sun zo ɗaya, ci gaba. In sun sha bamban, musamman in na rautar ya faɗa tsakanin `100.64.0.0` da `100.127.255.255`, to da alama kamfanin intanet ɗinka ya haɗa ka da wasu gidaje a kan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira `CGNAT`. A wannan hali ko ka kwana kana saiti ba abin da zai shigo, domin ƙofar farko tana hannun kamfanin. An fi samun haka a layukan da ke aiki da sim. Sai dai ka nemi su ba ka adireshi naka na kanka.

Mataki na gaba shi ne a tsayar wa kyamarar adireshi. Rauta aron adireshi take bayarwa, kuma tana iya canza shi in an ɗauke wuta an dawo. Yau kyamara ce a `192.168.1.50`, gobe wayar wani ce a wurin, ƙofar da ka buɗe kuma tana nan tana kallon lambar. Nemi `DHCP Reservation` ko `Address Reservation`, ka ɗaure lambar `MAC` ta kyamarar, wato lambar shaidar da ta zo da ita daga masana'anta, da wannan adireshi.

Yanzu ka shiga kyamarar kanta. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne nauyi. Canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta, ka sa doguwa wadda ba ka amfani da ita a ko'ina. Sabunta manhajar cikinta in akwai sabuwa. Ƙirƙiri asusu na biyu mai ikon kallo kawai, wanda ba ya iya taɓa saiti, da shi za ka riƙa shiga daga waje. In ka ga `Telnet`, wata tsohuwar hanyar ba na'ura umarni daga nesa, a kunne, kashe shi.

Sai ka koma rauta, sashen `Port Forwarding`, wasu kuma suna rubuta `Virtual Server`. Kyamarori da yawa suna da ƙofar 80 ta shafin saiti, da ƙofar 554 wadda bidiyo ke fita ta tsarin `RTSP`. Ta bidiyon kaɗai kake buƙata. Ga yadda za ka cike:

```
External Port: 40554
Internal IP:   192.168.1.50
Internal Port: 554
Protocol:      TCP
```

Kada ka buɗe ƙofar 80. Ta nan ake canza kalmar sirri, a ƙara asusu, a juya kyamarar yadda aka ga dama. Akwai kuma wani zaɓi mai suna `DMZ` da kan ja hankalin mutum idan saiti ya ƙi ci. Wannan kwashe dukkan ƙofofin yake yi ya damƙa wa kyamarar. Ko kusa da shi kada ka je.

Wajen gwaji, kashe wayifai na wayarka ka koma kan data, don rautoci da dama ba sa yarda a kira adireshinsu na waje daga cikin gida, sai ka zaci saitin ne bai yi ba. A ce adireshinka na waje `203.0.113.7` ne. A manhajar `VLC` ka buɗe `rtsp://203.0.113.7:40554/`, ka ƙara ƙarshen adireshin da takardar kyamararka ta nuna, domin kowane kamfani da nasa. In ta tambayi suna da kalmar sirri, ƙofa ta buɗu. In ta karɓa amma allo ya tsaya baƙi, yawanci bidiyon ne ke ƙoƙarin bin `UDP`, sai ka saita manhajar ta bi da shi ta `TCP`. In kuwa hoto ya fito ba a tambaye ka komai ba, rufe ƙofar nan take, domin yadda ka gani haka kowa zai gani. Adireshin waje yakan canza lokaci-lokaci, shi ya sa ake kunna `DDNS` a rauta, a samu suna tsayayye da ke bin adireshin duk inda ya koma.

To, ga inda gizo ke saƙar. Rauta ba ta san fuskarka ba. Umarnin da ka ba ta bai ce "in mai gida ne" ba, cewa ya yi duk wanda ya ƙwanƙwasa. Kuma ba sai wani ya san ka zai zo ba. Akwai na'urori da dare da rana aikinsu ke nan, bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ƙofofi. Shafin `Shodan` yana tara abin da aka samu a buɗe, kowa na iya bincikawa. A 2016 muguwar manhajar nan `Mirai` ta kame ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo da rautoci ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 na masana'anta a ƙofar `Telnet`, aka kuma yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, hari a watan Oktoban shekarar, manyan shafuka da dama suka daina buɗuwa na sa'o'i.

Lambar 40554 da muka zaɓa maimakon 554 rage masu ƙwanƙwasa take yi, ba ta ɓoye ka. Wanda ya bi ƙofofi 65,535 gaba ɗaya zai same ta, kuma amsar da kyamarar ta bayar ita za ta tona ko mece ce. Kalmar sirri mai ƙarfi ma tana da iyaka: in manhajar kyamarar na da ɓaraka, ana iya shiga ba tare da ita ba, kyamarori da yawa kuma an daina sabunta su tun tuni. Bidiyon `RTSP` na yau da kullum ba a lulluɓe yake tafiya ba, don haka mai iko da hanyar da ya bi yana iya gani. Abin da ya fi damuna shi ne kyamarar ƙaramar kwamfuta ce zaune a layi ɗaya da wayoyinku da kwamfutocinku, wanda ya kama ta ya samu wurin tsayawa a tsakar gida. Kyamarar da ke kallon ɗakin kwana ko wurin wasan yara, ni ba zan buɗe mata ƙofa ba ko da wane dalili.

Yana da kyau ka riƙa leƙa `Log` na kyamarar. Jerin yunƙurin shiga daga adireshin da ba ka sani ba, ko sabon asusun da ba kai ka ƙirƙira ba, ko kyamara mai juyawa ta kalli wani ɓangare da kanta, duk alamu ne. Ka kuma kashe `UPnP` a rauta da kyamara, domin da shi kyamara ke buɗe wa kanta ƙofa ba da saninka ba.

In rautarka tana da `WireGuard` ko wani `VPN` a cikinta, wato lulluɓaɓɓiyar hanya da ke shigar da wayarka layin gida daga waje, shi nake ba da shawara. `WireGuard` ƙofa ɗaya yake amfani da ita, bisa al'ada 51820 ta `UDP`, kuma ba ya amsa wa wanda ba shi da mabuɗi, mai bincike daga waje shiru kawai zai ji. Ka saka mabuɗin a wayarka, ka kunna, ka buɗe `rtsp://192.168.1.50:554/` tare da ƙarshen adireshin na kyamararka kamar kana zaune a falo. Da hoto ya fito, koma sashen `Port Forwarding` ka goge layin 40554, sannan ka sake gwada tsohon adireshin a kan data don ka tabbatar ya daina amsawa.